Uku cikin 40, uku cikin 43: yadda ake ɗora harajin VAT kan farashi da yadda ake zare shi daga rasit

Idan aka ce wa ɗan kasuwa ya ɗora harajin VAT a kan kayan naira dubu ɗari, ba ya ɓata lokaci. Zai danna kalkuleta ya ce harajin 7,500 ne, jimilla 107,500, kuma ya yi daidai. Amma a juya masa tambayar, a miƙa masa rasit mai ɗauke da 107,500 a ce harajin yana ciki, ya fito da shi. Da yawa za su sake danna kashi 7.5 cikin ɗari a kan 107,500 ɗin, su samu 8,062.50, su cire, su ce asalin kuɗin kaya 99,437.50 ne. Ga kayan da kowa ya san na dubu ɗari ne, sun tafi sun dawo da giɓin naira 562.50. Ba kalkuleta ce ta yi ƙarya ba. An tambaye ta kashi bakwai da rabi na wata lamba daban, ita kuwa ta ba da amsar abin da aka tambaye ta.

Wannan kuskure ya zama ruwan dare a shaguna, a ofisoshin akawu, har da teburin wasu masu biyan 'yan kwangila. Kuma tushensa guda ne: harajin VAT ana lissafa shi ne a kan uwar kuɗi, wato farashin kaya kafin haraji, ba a kan jimillar da mai saye ya biya ba. Lokacin ɗorawa uwar kuɗin tana gabanka, shi ya sa abin yake da sauƙi. Lokacin zarewa kuwa uwar kuɗin ta ɓuya a cikin jimilla, sai ka fara nemo ta.

A Najeriya an fara karɓar wannan haraji a watan Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya zauna a haka sama da shekara ashirin da biyar. Dokar Kuɗi ta 2019 ce ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5, aka fara aiki da sabon kason ranar 1 ga Fabrairun 2020. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun sauya abubuwa da dama, amma sun bar kason a 7.5. Na kawo tarihin ne saboda yana bayyana dalilin da ya sa tsofaffin hannu suka saba da kuskuren ba tare da ya dame su ba. A zamanin kashi 5, wanda ya cire harajin ta baibai daga rasit na 105,000 zai samu 5,250 maimakon 5,000, giɓin naira 250 kawai. Da kason ya ƙaru da rabi, giɓin bai tsaya a ƙarin rabi ba, ya ninka fiye da sau biyu ya kai 562.50. Dalili kuwa shi ne giɓin ba komai ba ne illa haraji a kan haraji: kashi 7.5 na naira 7,500 ɗin da ke cikin rasit. Duk sa'ad da kaso ya hau, giɓin yakan fi shi saurin hawa.

Hanya mafi sauƙi ta riƙe lissafin a ka ita ce a manta da ɗigo a koma ga kaso-kaso. Kashi 7.5 cikin ɗari daidai yake da uku cikin arba'in. Wato a kowace naira 40 ta mai kaya, ana ɗora naira 3 ta gwamnati, mai saye ya biya 43. To idan kuɗin da ke hannunka uwar kuɗi ce, ka raba ta gida 40, ka ƙara mata gida uku irinsu. Idan kuwa jimilla ce wadda haraji ya riga ya shiga, gida 43 za ka raba ta: uku na gwamnati, arba'in na mai kaya. Gida ukun nan ba su canja ba, abin da ake auna su da shi ne ya canja.

Wanda ya karanci rabon gado a zaure ya san wannan tun kafin ya ji sunan VAT. Idan mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, asalin mas'alar daga 24 take: matar tana da uku, 'ya'yan suna da 16, uwa huɗu, uba huɗu. In an tara sai a ga 27, sun haura 24, sai a yi auli a raba dukiyar gida 27. Matar tana nan da ukunta, amma tumuninta ya koma ɗaya cikin tara, domin uku cikin 27 ba uku cikin 24 ba ne. Haka harajin nan yake: uku cikin 40 ne idan ana kallonsa daga uwar kuɗi, uku cikin 43 ne idan ana kallonsa daga jimilla. Na farko shi ne kashi 7.5, na biyu kuma bai cika kashi 7 ba, yana tsayawa a wajen 6.98.

Ga mai kalkuleta, abin ya taƙaita a lamba ɗaya, 1.075. Za ka ɗora, ka ninka uwar kuɗi da ita. Za ka zare, ka raba jimilla da ita, abin da ya fito shi ne uwar kuɗi, ka cire shi daga jimilla ka samu harajin. Wanda yake aiki da Excel, in uwar kuɗi tana A2, jimilla kuma tana B2, ga layukan uku, na ɗorawa da na nemo uwar kuɗi da na fito da harajin kai tsaye:

```
=ROUND(A2*1.075,2)
=ROUND(B2/1.075,2)
=ROUND(B2*3/43,2)
```

Yanzu mu bi ciniki guda daga farkonsa zuwa ƙarshe, domin a nan ne ake ganin inda kuɗi ke zurarewa.

A ɗauka wani dila ne a Kano mai sayar da kujerun roba, ya yi rajistar haraji, wani kamfani mai zauren biki ya nemi ya kawo masa kujera 200. Dilan ya je masana'anta ya saro su, aka ba shi rasit na naira 1,720,000, an rubuta cewa haraji yana ciki. Kowace kujera ke nan ta tashi masa a 8,600. Tambayar farko da ya kamata ya yi wa kansa ita ce: nawa ne ainihin kuɗin kujerar? Ya raba 1,720,000 gida 43, kowane gida 40,000. Gida uku 120,000, shi ne harajin da ya biya a masana'anta. Gida arba'in 1,600,000, shi ne kuɗin kujerun. Kowace kujera ke nan 8,000 ce, da harajin 600 a kanta.

Wannan rarrabewa tana da amfani tun kafin ya yanka farashi. Dilan da ya yi rajista ba shi ne zai ɗauki 120,000 ɗin nan a ƙarshe ba, domin doka ta ba shi damar cire harajin da ya biya a kan kayan da ya saro don sayarwa daga harajin da zai karɓa a hannun mai saye. Saboda haka jarinsa a kowace kujera 8,000 ne, kuma a kansa ya kamata ya ɗora riba. In ya ɗauki 8,600 a matsayin jari, ya ɗora riba a kai, sannan ya ɗora VAT a kan duka, ya sa wa mai saye haraji a kan haraji, kuma farashinsa zai fi na maƙwabcinsa da ya iya lissafi tsada ba gaira ba dalili. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba ya karɓar VAT kuwa, shi 8,600 ɗin ne jarinsa na gaskiya, tunda ba shi da inda zai maido da 600. Mutum biyu, rasit iri ɗaya, jari daban.

Dilanmu ya yanka kujera a 10,000, duka 200 sun kama naira miliyan biyu. Ya ninka da 1.075, jimilla 2,150,000, harajin 150,000. Idan ya rubuta takardar farashinsa da layi uku, kuɗin kaya 2,000,000, VAT na kashi 7.5 naira 150,000, jimillar da za a biya 2,150,000, to ya rufe ƙofar gardama. Kamfani ya biya. A ƙarshen wata ya zauna: ya karɓi harajin 150,000, ya riga ya biya 120,000 a masana'anta, saura 30,000 zai kai wa hukumar haraji, kuma wa'adinsa ranar 21 ga watan da ke biye. A lura da 30,000 ɗin nan. Kashi 7.5 ne na naira 400,000, wato tazarar da ke tsakanin 1,600,000 da ya saro da 2,000,000 da ya sayar. Wannan tazara ita ce ƙimar da ya ƙara wa kaya, kuma a kanta kaɗai nasa kason harajin ya faɗa. Duk dilan da yake so ya tabbatar lissafinsa na wata ya yi daidai a irin wannan ciniki, ya gwada haka: abin da zai kai wa hukuma ya zama uku cikin arba'in na tazarar saye da sayarwa, bayan an zare haraji daga ɓangarorin biyu.

To a ce yaron shagonsa ne ya yi lissafin, ya danna kashi 7.5 a kan rasit ɗin masana'anta kai tsaye. Zai samu 129,000 maimakon 120,000. Dilan zai cire 129,000 daga 150,000 ya kai wa hukuma 21,000, ya rage mata 9,000 bai sani ba. Ranar da masu binciken haraji suka zo suka buɗe rasit ɗin, za su ga masana'anta ta rubuta 120,000 ƙarara, shi kuma ya ce 129,000, sai ya biya cikon da tara da kuɗin jinkiri a kai. In kuma a ɓangaren sayarwa aka yi kuskuren, aka danna kashi 7.5 a kan 2,150,000, za a samu 161,250, dilan ya kai wa hukuma ƙarin 11,250 daga aljihunsa. Kuskure ɗaya ne, amma ta wani gefen yana cutar baitulmali, ta wani gefen yana cutar mai shago. Shi ya sa ba na karɓar uzurin da wasu ke bayarwa cewa ai bambancin kaɗan ne, zai daidaita kansa. Ba ya daidaita kansa. A kan ciniki ɗaya na miliyan biyu ya kai dubu goma sha ɗaya, a lissafa shekara guda a gani.

Amma duk wannan ƙarami ne a kan asarar da takardar farashi mai shiru take jawowa, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta a tsaya. A ce dilan ya rubuta layi ɗaya kawai: kujera 200, naira 2,000,000. Bai ce da haraji ba, bai ce ban da haraji ba. A ransa farashin kaya ya faɗa, VAT zai biyo baya. Manajan zauren biki kuwa a ransa ya ji kuɗin da zai fitar ke nan gaba ɗaya, har ya kai wa mai kamfani an amince da miliyan biyu. Kaya suka iso, dilan ya kawo takardar neman biya ta 2,150,000, akanta ya ce: “Alhaji, mu miliyan biyu muka sani, shi aka sa wa hannu. In akwai haraji, yana ciki.” An riga an sauke kujeru, an sallami mai mota, ga abokin ciniki da ba a son rabuwa da shi. Yawanci dilan ne yake haƙura.

Me haƙurin ya ci masa? Ba 150,000 ba ne, domin yanzu miliyan biyun ta tashi daga uwar kuɗi ta koma jimilla, sai a raba ta gida 43. Harajin ya zama 139,534.88, kuɗin kujerun ya zama 1,860,465.12. Kujerar da ya yanka a 10,000 ya sayar da ita ke nan a kan 9,302 da 'yan kwabbai. Tazararsa da take 400,000 ta dawo 260,465. In kuɗin mota da 'yan dako da sauran hidima sun ci 150,000, ribar da ya sa rai ta 250,000 ta koma kusan 110,000. Fiye da rabin ribar ta tafi. Mutane sukan ji kashi bakwai da rabi su raina shi, saboda suna auna shi da farashin kaya. Amma idan ya faɗo kan mai kaya, ba daga farashi yake fita ba, daga riba yake fita, riba kuwa siririya ce. Wanda ribarsa ba ta kai kashi 7 na farashin ba, irin wannan shiru zai iya mayar da cinikinsa faɗuwa.

Kuma ko a cikin haƙurin akwai wurin da za a sake cutarsa. In akantan kamfanin ya ce harajin miliyan biyu ai 150,000 ne, ya rubuta kuɗin kaya 1,850,000, to ya ƙara masa asarar 10,465 a kan wadda ya riga ya ɗauka. Gwajin da ke tona wannan ba shi da wuya: a ɗauki lambar da aka ce ita ce uwar kuɗi a ninka ta da 1.075, dole ta dawo da jimilla. 1,850,000 tana ba da 1,988,750, ba ta kai miliyan biyu ba, saboda haka ba ita ba ce. 1,860,465.12 kuwa tana dawo da miliyan biyu cif. Ina ganin duk mai zare haraji daga rasit ya kamata ya mayar da wannan gwaji al'ada, domin daƙiƙa biyar yake ci, kuma ba ya buƙatar mutum ya tuna wata ƙa'ida.

Maganin shirun shi ne a yi magana tun a takardar farko, ba a takardar neman biya ba. Ko dai a rubuta layukan nan uku, ko a ƙalla a sa jimla guda a ƙarƙashin farashi cewa bai haɗa da VAT na kashi 7.5 ba. Haka ma in da baki ake ciniki ko ta waya: kafin a ce an sallama, a tambaya, “Wannan da haraji ne ko ban da haraji?” Mai saye ma tambayar tana yi masa amfani. In dila biyu suka kawo masa farashi, ɗaya 2,100,000 da haraji a ciki, ɗaya 2,000,000 ban da haraji, na farkon ne ya fi araha da naira 50,000, ko da yake lambarsa ce ta fi girma a ido.

Ciniki a wurinmu ba ya ƙarewa sai an nemi ragi, kuma ragi ma yana da gefe biyu. A ce an tsaya a 2,150,000, manaja ya ce: “Alhaji, a cire mana hamsin ɗin nan, a bar shi miliyan biyu da ɗari.” In dilan ya yarda, jimilla ta koma 2,100,000, kuma harajin ba 150,000 ba ne kuma. Sai a sake rabawa gida 43: haraji 146,511.63, kuɗin kaya 1,953,488.37. Wato cikin dubu hamsin ɗin da aka rage, dilan ya ɗauki 46,511.63, sauran 3,488.37 harajin ne ya ragu da shi, tunda farashin kayan ya sauka. Dilan da ya bar harajin a 150,000 bayan ya yi ragin ya biya haraji a kan kuɗin da bai karɓa ba. In kuwa daga uwar kuɗi aka cire dubu hamsin ɗin, ta koma 1,950,000, harajin 146,250, jimilla 2,096,250. Ragin “dubu hamsin” guda, amma sakamako biyu da tazarar naira 3,750 a tsakaninsu. Ragin da aka yi da kaso, kamar kashi goma cikin ɗari, shi ba ya kawo wannan saɓani: ko a cire shi kafin haraji ko bayansa, jimilla ɗaya ce. Ragin da aka faɗa da naira shi ne yake buƙatar a ce daga ina ake cire shi.

Batun kwabbai ba ya buƙatar dogon bayani. In aka zare haraji daga kujera guda ta 10,000 za a samu 697.67, a ninka da 200 a samu 139,534.00, alhali na jimilla 139,534.88 ne. Kwabo 88 ne bambancin, kuma daga datse lamba ya zo. Wanda ya cike 697.67 zuwa 698 kafin ya ninka zai haura da kusan naira 65. Ƙa'idar ita ce a yi lissafi a kan jimilla, a datse sau ɗaya a ƙarshe. In ka ga rasit ya saɓa wa lissafinka da kwabbai ko naira ɗaya, datsewa ce, ka wuce. In da ɗaruruwa ko dubbai ne, akwai magana. Don kintace da ka kuwa, kashi 7 na jimilla yana kusa da gaskiya: na 2,150,000 shi ne 150,500, ya haura da 500 kawai. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan ya isa a gane rasit ɗin da ya kauce, bai isa a rubuta a littafi ba.

Akwai kuma inda raba jimilla gida 43 da kansa yake zama kuskure, wato rasit mai gauraye. Ba kowane kaya ne VAT ke hawa kansa ba. Abincin yau da kullum irin su shinkafa da gero da wake, da magunguna, da littattafai, doka ta ɗauke musu shi. To a ce mutum ya shiga babban kanti ya sayi shinkafa da wake na 30,000, da sabulu da man shafawa da lemon kwalba na 21,500 da haraji a ciki. Rasit zai nuna jimilla 51,500. In ya raba duka gida 43 ya ɗauki uku, zai ce ya biya harajin 3,593. Gaskiyar kuwa 1,500 ce, domin 21,500 ɗin kaɗai ke ɗauke da haraji: gida 43 na naira 500, uku daga ciki 1,500, kuɗin kayan 20,000. Saboda haka kafin a raba, sai an ware kayan da haraji ya hau daga waɗanda bai hau ba. Kantuna da yawa sukan sa alama a gefen kayan da aka caje wa haraji, ko su kawo taƙaitawa a ƙasan rasit. In layin VAT kaɗai aka nuna, ana iya komawa da baya: a raba harajin da 0.075 a samu uwar kuɗin da aka lissafa shi a kai. 1,500 ya ba da 20,000, a haɗa su 21,500, a cire daga 51,500, saura 30,000. In wannan ragowar ta yi daidai da kuɗin abincin da ka saya, rasit ɗin lafiya lau yake. In ragowar ta gaza kuɗin abincin, an caje ka haraji a kan abin da ba a caja.

Rasit ɗin otal da gidan abinci ma yakan ɗauki fiye da caji ɗaya. A Legas, alal misali, akwai harajin jiha na kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, ban da VAT. In duka biyun a kan uwar kuɗi aka lissafa su, jimilla ta zama kashi 112.5, sai a raba da 1.125. Takardar 45,000 ke nan tana nufin abincin 40,000, VAT 3,000, harajin jiha 2,000. Wanda ya raba 45,000 da 1.075 zai ɗora VAT a kan harajin jiha ba da saninsa ba.

Wata tambaya da ta riga duk wannan lissafi: shin mai rasit ɗin ma yana da hurumin karɓar harajin? Dokar Kuɗi ta 2019 ta sauke wa masu cinikin da bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar VAT da kai rahotonsa, kuma sababbin dokokin ma sun bar wa ƙananan 'yan kasuwa sassauci irin wannan. In ka sayi kaya a wurin wanda ba ya karɓar VAT, babu wani gida uku da za ka zare daga rasit ɗinsa, duk kuɗin na kaya ne. Takardar da ake dogara da ita wajen cire harajin saye ita ce wadda ta nuna sunan mai sayarwa da lambarsa ta haraji da kwanan wata da kuɗin kaya da kason haraji da adadinsa. Dilan da ya ƙirƙiro harajin saye daga rasit ɗin hannu da bai ambaci VAT ba, ya cire wa kansa kuɗin da ba a taɓa biya ba. Wanda kuma ya rubuta VAT a takardarsa ya karɓa bai kai wa hukuma ba, ya ci amanar mai saye da ta gwamnati a lokaci guda, domin kuɗin nan tun da ya shiga hannunsa ba nasa ba ne.

'Yan kwangilar gwamnati su nasu lissafin yana da ƙarin mataki. Ma'aikatu da hukumomi ba sa miƙa wa ɗan kwangila harajin VAT, suna riƙe shi su kai wa hukumar haraji da kansu, sannan su cire harajin riƙo, wato wani kaso na harajin kuɗin shiga da ake riƙewa tun wajen biya, daga kuɗin aikin. In da ma'aikata ce ta sayi kujerun nan a kan 2,150,000, abin da za ta riƙe na VAT 150,000 ne, harajin riƙo kuma a kan 2,000,000 ake lissafa shi, ba a kan jimilla ba. Ɗan kwangilar da ya ga an riƙe masa 161,250 da sunan VAT ya san an danna kason a kan jimilla, yana bin 11,250, kuma yana da hujjar da zai nuna a takarda. Haka nan ya kamata ya tuna tun wajen yanka farashi cewa 120,000 ɗin da ya biya a masana'anta ba zai same ta nan take daga kuɗin wannan aikin ba, tunda harajin da zai cire ta daga ciki bai biyo ta hannunsa ba. Kuɗinsa ne da zai kwanta har sai ya daidaita da hukuma.

Masu fatauci tsakanin Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram suna haɗuwa da wannan lissafi da wasu lambobi. A Nijar babban kason TVA, wato VAT ɗinsu, kashi 19 ne cikin ɗari, kuma takardun can sun fi namu fayyace magana, domin sukan rubuta HT a gaban farashin da haraji bai shiga ba, TTC a gaban wanda ya shiga. Daga HT zuwa TTC ana ninkawa da 1.19, daga TTC zuwa HT ana rabawa da 1.19, harajin kuma 19 ne cikin 119 na jimilla, wato kusan kashi 16. Rasit na sefa 119,000 TTC yana nufin kayan 100,000 da harajin 19,000. Wanda ya danna kashi 19 a kan 119,000 zai samu 22,610, ya kauce da sefa 3,610 a kan kowace dubu ɗari ta kaya, fiye da ninki shida na giɓin da irin wannan kuskure ke bari a Najeriya. Wanda ya saba da uku cikin 43 kada ya tsallaka iyaka da shi. Abin da zai tafi da shi shi ne hanyar samo shi, wato kaso a sama, ɗari da kason a ƙasa, sannan ya duba ko HT aka rubuta masa ko TTC kafin ya amsa farashi.